Santimita Goma daga Kowace Kusurwa

A layin maƙera ba wanda ke kiran mijin ƙanwata da sunan yanka. Zurfi suke ce masa, kuma yana amsawa da fara'a, don a zatonsa zurfin tunaninsa suke nufi. Ni da na san asalin sunan ban taɓa gyara masa ba. Akwatin ƙarfe suke nufi, da tire, da mazubin abincin kaji, duk abin da ya fito daga hannunsa sai ka same shi dogo a tsaye, matsattse a gindi, ka zura hannu har gwiwa ka rasa inda za ka juya shi.

Ni malamar lissafi ce a makarantar sakandare, kuma ba na ɓoye cewa jinina bai haɗu da nasa ba tun ranar da ya fara zuwa gidanmu da takalmin da ya fi ƙafarsa girma. Da aka yi masa magana sai ya ce ai farashinsu ɗaya da ƙaramin, don me zai bar wa mai shago ragowar fata. Ranar na gane irin mutumin da Auta ta kwaso mana. Auta ita ce ƙanwata, ita ce ƙarama a ɗakinmu, mace mai sanyin hali da ko kaza ba ta iya kora da ƙarfi.

Tarihinsa a sana'a gajere ne, ko da yake in shi ke ba da shi sai shayi ya huce. Ya shiga koyon aiki wurin wani tsohon maƙeri a farkon layin, ya koyi riƙe almakashin ƙarfe da lanƙwasa baki da ɗan taɓa walda, sai ya tattara ya fita tun ba a sallame shi ba. Dalilinsa wai maigidan ba shi da hangen nesa. Maigidan kuwa har ya koma ga Allah bai daina cewa yaron hannunsa da kyau, kansa ne ba a gama haɗawa ba. A nan kam ba zan yi masa ƙwauro ba, hannunsa da kyau. Ɗinkin waldarsa sumul yake fita, ba ya yoyo. Abin takaicin ke nan, da ma bai iya komai ba da an huta.

Aikinsu ba wani sirri a ciki. A ɗauki fallen ƙarfe, a yanke murabba'i huɗu masu girma ɗaya daga kusurwoyinsa, a naɗo gefunan sama, a haɗe su da walda, an sami akwati marar murfi. Girman abin da ka yanke shi ne zurfin akwatin. Zurfi ya gane wannan rabin, ya riƙe shi gam har ya zame masa aƙida. Ɗaya rabin, cewa duk abin da ka ƙara wa zurfi daga gindi ka ɗebo shi, ta gefe biyu a tsawo, ta gefe biyu a faɗi, wannan bai taɓa samun wurin zama a kansa ba.

Kuma jama'a suka ɗaure masa gindi. Mutum ya zo sayen mazubi, a ajiye masa mai faɗi da mai zurfi, sai ya leƙa mai zurfin ya ce wannan ya fi cin kaya. Ba mai zuwa da gwangwanin awo. Haka ya yi wa wani mai kiwon kaji mazubin ruwa da 'yan tsaki suka riƙa faɗawa ciki ba sa iya fita, ya ce kajin ne ba su da wayo. Ya yi wa mai gidan burodi tire da ƙullu ke ƙonewa a sama yana ɗanye a ƙasa, ya ce wutar mutumin ce ba ta da tsari. Duk ranar da na kawo irin wannan labari gida, Auta sai ta sunkuyar da kai ta ce, Yaya, zuciyarsa fa mai kyau ce. Na ji wannan magana har na ƙoshi. Ina son yarinyar nan, kuma ina jin haushinta daidai da yadda nake son ta, don na ɗauka makanta ce ke damun ta.

Ita kuwa tun haihuwarta ta fari take aiki wurin wata hajiya mai yin sabulu. Ita ke auna mai, ita ke jiƙa soda, ita ke juya tukunya har kafaɗunta su yi tsami, bayan hannunta duk tabon ƙuna. Da hajiyar ta tsufa ta ga za ta rage aiki, sai ta sallame ta sallama ta mutunci. Ta ba ta babbar tukunya da muciya, ta ba ta fallayen farin ƙarfe marar tsatsa don a yi mata mazubin sabulu, sannan ta haɗa ta da wani mai gidan wanki da guga da ke sayen sabulu da yawa kowane mako. Sharaɗinsa ɗaya, kada kaya su yanke masa. Karon farko ke nan da Auta za ta sami abin da za ta nuna ta ce nata ne, ba na miji ba, ba na uwar ɗaki ba.

Fallayen nan ba abin wasa ba ne. Ɗanyen sabulu yana cin kwanon rufi, yana cin alminiyam, don haka ba a maye gurbinsu da tarkacen da ke jibge a layin maƙera, sabo kuma ya fi ƙarfin gidansu. Kowane falle santimita tamanin ne a tsawo, hamsin a faɗi. Tukunyar Auta kuma tana fitar da kusan lita goma sha bakwai a haɗi ɗaya, kuma dole a juye shi gaba ɗaya da zarar ya fara kauri, don sabulu ba ya jiran kowa. Ta zo wurina da tambaya ɗaya, nawa za a yanke daga kusurwa mazubin ya ɗauke tukunya guda.

Muka zauna a falonsu, ni da ita a kan tabarma, shi a kan kujera yana danna waya, wai ba ya sauraro. Na ce mu kira abin da za a yanke x, yadda muke yi a aji. Zurfi zai zama x, tsawo tamanin ban da x biyu, faɗi hamsin ban da x biyu, a ninka ukun a sami cikin mazubin. Na gwada mata da lambobi. In an yanke biyar, gindi saba'in da arba'in, lita goma sha huɗu. In an yanke goma, gindi sittin da talatin, lita goma sha takwas. In an kai goma sha biyar ya sauko lita goma sha biyar, a ashirin kuwa lita takwas kacal. A ashirin da biyar yankan dama ya haɗu da na hagu, faɗi ya ƙare, babu gindi, babu akwati. Na ce mata lissafin neman ƙololuwa yana fitar da amsa biyu, goma da kuma talatin da uku da ɗoriya, amma ta biyun ta wuce ashirin da biyar, ba ta kan fallenta, sai a watsar da ita. Goma ita ce magana, kuma lita goma sha takwas shi ne iyakar abin da fallen zai iya bayarwa, ko wa ya riƙe almakashin. Ta gyaɗa kai, ta maimaita, goma.

Sai mai gida ya yi gyaran murya. Ashe duk abin da nake faɗa yana zubawa a wata manhaja ta waya mai zana layin lissafi, wadda wani ɗan makaranta ya saka masa. Ya juyo mini da fuskar wayar yana murmushin wanda ya kama ɓarawo. Layin ya hau ɗan tudu a kan goma, ya gangaro ya taɓa ƙasa a ashirin da biyar, ya nutse, ya sake ɓullowa a arba'in, daga nan ya miƙe sama har ya fice daga gilashin.

"Yaya Malama," ya ce, "ke a kan wannan ɗan tudun kika tsaya? Dubi dutse a gaba. A hamsin lita hamsin ya rubuta. Waya ce ta faɗa, ba ni ba."

Na haɗiye abin da ya taso mini na yi masa bayani kamar yadda nake yi wa 'yan aji huɗu. Na ce x sau uku ta shiga ninkin, kuma irin wannan lissafi haka layinsa yake, ya hau, ya sauka, ya sake hawa ba iyaka. Wayar ba ta san akwai ƙarfe ba, lamba kawai aka ba ta. A hamsin ɗin da yake murna, tsawo ya zama ashirin ƙasa da sifili, faɗi hamsin ƙasa da sifili, biyun suka ninku alamar ragi ta ɓace, shi ne ya ga lita hamsin. Na ce ya nuna mini akwatin da faɗinsa bai kai babu ba. Na ce duk abin da ke bayan ashirin da biyar zane ne kawai, fallen Auta daga sifili zuwa ashirin da biyar ya fara ya ƙare.

Ya saurare ni yana kaɗa ƙafa. Da na gama sai ya ce matsalar 'yan boko ke nan, tsoro, an koya musu tsayawa inda littafi ya tsaya. Shi a sana'arsa ya ga abin da ya fi haka. Na dubi Auta ina jira ta ce wani abu, ta tashi ta tafi duba tukunyar abinci. A bakin ƙofa na ja ta gefe na roƙe ta ta kai aikin wurin Dogo, maƙerin da shagonsa ke kallon na mijinta, mutumin da in ka ja masa layi da alli ba ya ƙetare shi. Ta ce, Yaya, kin san abin da hakan ke nufi a layin nan. Na sani. A layin maƙera matar maƙeri ba ta kai aiki shagon wani. Ko cokali ne ya karye a gidanka, aka ga matarka ta miƙa wa maƙwabci, ka gama yawo, za a riƙa ba da labarinka a wurin mai shayi har jikokinka su ji. Ta ce mijinta ya yi mata alkawari goma zai yanke. Na tafi gida ina cizon yatsa.

Abin da ya faru a shagon daga bakinsa na ji, don har yau yana ba da labarin a matsayin hujja. Ya shimfiɗa falle a kan teburin aiki, ya ɗauko tef na awo da alli zai ja murabba'in hamsin, sai ya ga faɗin fallen gaba ɗaya hamsin ne. Ya rage zuwa arba'in da biyar, layuka suka hau kan juna. Mai hankali a nan zai ajiye alli ya ce matar nan ta yi gaskiya. Shi kuwa sai ya yanke shawarar cewa tunda dutsen ba ya isuwa, gara ya matsa kusa da shi gwargwadon yadda ƙarfe ya yarda, ya bar ɗan gindi na santimita goma. Ya ja ashirin. Wato ya sauka daga kan tudun da ƙafarsa, ya gangara har kusa da ramin, yana ganin ci gaba yake yi saboda ya nufi wajen dutse. Kuma da yake shi mai saurin aiki ne, ba ya yanka falle ɗaya ya gwada. Ya jera su a kan juna, ya matse da maɗauri, ya kunna injin yanka ya bi ta kansu lokaci guda.

Ranar da ya kawo su gida ina nan, Auta ta kira ni in taya ta juyen farko. Ya shigo da su a kafaɗa yana taku ɗaiɗai, ya jera a tsakar gida. Suna ƙyalli, walda sumul, kowanne tsawo arba'in, faɗi goma, zurfi ashirin, kamar aljihun tebur da aka tsayar a kan gefensa. Maƙwabciyarsu ta leƙo ta katanga ta ce kai, waɗannan za su ci kaya. Ya dube ni ya ɗaga gira.

Na ɗauko jarkar lita goma na cika da ruwa na fara tsiyayawa a ɗaya. Ruwa ya kai baki ya fara zuba a siminti, jarkar kuma da saura a gindinta. Ya ce jarkar ce ba ta da gaskiya. Aka kawo wata, haka. Ya ce to ai ruwa daban, sabulu daban. Daga nan ya koma kan wayar, wai wanda ya saka masa manhajar ne ya saka ta jabu. Ni ban taɓa ganin mutumin da gaskiya ke tsaye a gabansa tana ɗiga a kan takalminsa yana neman wanda zai ɗora wa laifi ba sai shi. Tukunya ɗaya yanzu sai ta cinye mazubi biyu ta taɓa na uku, sabulun kuma kwana yake yi a mazubi kafin a fitar. Abin da ya kamata ya ɗauki tukunya uku ya koma ɗaukar ɗaya. Gutsattsarin da ya yanke suna shago, ba sa komawa, don faci a cikin mazubi yana riƙe sabulu ya hana shi fita, zafin walda mai yawa kuma yana murɗe falle mai laushi irin wannan.

Auta ta tsaya tana kallon ruwan da ke bin siminti zuwa magudana. Na jira in ji zancen zuciya mai kyau. Ba ta yi ba. Ta shiga ɗaki, muka ji ana jan gado, sai ga ta ta fito da wani falle naɗe a tsohon zane, sabo fil, ko ƙwarzane babu. Sai a lokacin na lura mazubi uku ne a tsakar gida, ni kuma hajiyar da bakinta ta gaya mini huɗu ta bayar.

Ta shimfiɗa shi a ƙasa, ta karɓi tef daga aljihun rigarsa ba ta tambaye shi ba, ta ɗauki guntun alli. Ta auna goma daga kowace kusurwa, ta ja layi, ta sake aunawa. Ta yafa mayafi, ta ɗora fallen a ka. Ya tambaye ta ina za ta, ta nufi ƙofa na bi ta, ya biyo mu a baya yana cewa ta kawo, wannan karon goma zai yanke, wallahi goma.

Da rana tsaka ne, layin cike, guduma na tashi ta kowane gefe. Ta bi tsakiyar hanya fallen na walƙiya a kanta, ta zo daidai ƙofar shagon mijinta, ta wuce, ta tsallaka. Ƙarar guduma ta riƙa ɗaukewa shago bayan shago. Dogo ya miƙe yana goge hannu a wando, ya dubi fallen, ya dubi Zurfi da ke tsaye a tsakiyar titi, ya ce shi ba ya son shiga tsakanin mutum da iyalinsa. Auta ta ce ba shiga tsakani ta kawo shi ba, layi ne ga shi ta ja, ya bi kawai. Ya bi. Da aka gama na sa aka kawo ruwa, jarka ɗaya ta shige, ta biyu ta shige saura kaɗan a gindi, lita goma sha takwas, a gaban duk wanda ya bar aikinsa ya zo kallo.

Kada a ɗauka abin ya ƙare da daɗi. Mazubi ɗaya na kirki da matsattsu uku tukunya biyu suke ɗauka, mai gidan wanki kuma huɗu yake so. Ya yi haƙuri na ɗan lokaci, sannan ya koma wurin wani. Yanzu Auta a ƙofar gida take sayar da sabulunta, ɗaiɗai, ga matan unguwa. Zurfi kuwa yana nan a shagonsa, ya daina zuwa wurin mai shayi, amma bai daina bayani ba. Duk wanda ya tsaya sai ya gaya masa cewa fallen ne ya yi ƙanƙanta, da an ba shi babba da an ga aiki. Kuma har gobe ana sayen akwatunansa masu zurfi.

A hanyarmu ta komawa ranar, ita ɗauke da mazubin, ni ina fama da haushi, na tambaye ta yaushe ta ɓoye na huɗun. Ta ce tun ranar da aka kawo fallayen, kafin ma ta zo wurina da tambaya. Na tsaya cak. Na ce to in ta san haka, don me ta ba shi ukun.

Ta gyara zaman mazubin a kanta. "Yaya, ke sau ɗaya a wata kike ganin sa. Ni da shi nake kwana nake tashi. Kin zaci ban san shi ba? Na ba shi uku ne ko Allah zai sa sau ɗaya ya ba ni kunya, in fito da na huɗun in ce na manta da shi a ƙarƙashin gado."

Ta ci gaba da tafiya, na bi bayanta.